Ƙwaryar da ba ta taɓa ƙasa

Akwai wata tambayar aljabara da ke yawan kayar da ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare, har da masu ƙoƙarin cikinsu. Ana ba da jimla kamar kx² + 4x + k − 3, sai a ce a nemo dukkan ƙimomin k da za su sa amsarta ta tsaya sama da sifili, ko wace lamba aka saka a gurbin x. Wace lamba kuwa ana nufin duk wadda ke kan layin lambobi: cikakkiya, gutsure, da ta ƙasa da sifili. Ba a iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, domin ba su ƙarewa.

Mafita tana cikin siffar zanen. Duk jimla mai ƙirar ax² + bx + c, in aka zana ta, lanƙwasa take yi kamar ƙwarya. Idan a ta fi sifili, ƙwaryar a zaune take, bakinta yana kallon sama, kuma tana da gindi, wato wurin da ya fi ko'ina ƙasa. Idan a ta gaza sifili, a kife take, gefunanta biyu suna gangarawa ba iyaka. Abin da ake tambaya ke nan: yaushe ƙwaryar za ta kasance a zaune, gindinta kuma a ɗage, bai taɓa layin sifili ba?

Mu fara da mai sauƙi, x² + 6x + k. Ana iya sake rubuta ta a matsayin (x + 3)² + k − 9. Wannan dabara ta cike murabba'i tsohuwa ce, tana cikin littafin aljabara da Al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Lambar da aka ninka da kanta ba ta taɓa sauka ƙasa da sifili, don haka mafi ƙanƙantar abin da (x + 3)² zai bayar shi ne sifili, lokacin da x take −3. A nan gindin yake, tsayinsa k − 9. Dole ke nan k ta wuce 9.

In aka yi wa ax² + bx + c wannan aikin, sai ma'aunin da ɗalibai ke haddacewa ya fito, wato b² − 4ac. Idan ya gaza sifili, zanen bai haɗu da layin sifili ba ko a wuri ɗaya. To amma iyakar abin da ma'aunin ke faɗa ke nan. Bai ce zanen yana saman layin ko yana ƙarƙashinsa ba, kuma a nan ake yin tuntuɓe.

Mu koma tambayarmu. A cikinta a ita ce k, b ita ce 4, c kuwa k − 3. Ma'aunin ya zama 16 − 4k(k − 3), muna so ya gaza sifili. In aka raba da −4, alamar sai ta juya, a samu k² − 3k − 4 > 0, wato (k − 4)(k + 1) > 0. Ninkin lambobi biyu yana fin sifili ne idan dukansu suna sama da shi ko dukansu suna ƙasa, saboda haka ko dai k > 4, ko kuma k < −1.

Ɗalibi yakan ajiye biro a nan, yana ganin ya gama. Abin yana damuna, domin ya yi aikin da ya fi wuya daidai, saura taki ɗaya. A gwada k = −2: jimlar ta zama −2x² + 4x − 5, kuma da an saka sifili a gurbin x sai a samu −5. Wannan ƙwarya ce a kife, ta nutse gaba ɗaya ƙarƙashin layin. Gaskiya ne ba ta taɓa shi ba, amma ba ta ɓangaren da ake so take ba. Sharaɗin a > 0 ya share duk ƙimomin da ke ƙasa da −1, sai k > 4 kaɗai ta rage.

Ita 4 ɗin fa? Tana ba da 4x² + 4x + 1, wato (2x + 1)², wanda ke zama sifili cif lokacin da x take −1/2. Gindin ya taɓa layin. Sifili bai fi sifili ba, don haka 4 tana waje. Da an ce kada amsar ta sauka ƙasa da sifili, da ta shiga, a rubuta k ≥ 4. Shi ya sa ake karanta kalmomin tambayar a tsanake.

Tunda k tana manne da x², sai a duba k = 0 daban, domin a nan ƙwaryar ta ɓace, an bar miƙaƙƙen layi 4x − 3, wanda ke ratsa sifili. Bai cika sharaɗin ba.

Kafin a miƙa takarda, a ɗauki lamba ɗaya daga cikin amsar a gwada. Da k = 5 muna da 5x² + 4x + 2. Gindinta yana inda x = −b/2a, wato −0.4, kuma tsayinsa a wurin 0.8 − 1.6 + 2, wato 1.2, sama da sifili.