Gawayin likita: gubar da yake kamawa a ciki da wadda ke kuɓuce masa

Idan yaro ya haɗiye ƙwayoyin magani ko ya kurɓi wani ruwa mai guba, ba a rasa mai cewa a daka gawayi a ba shi. Maganar tana da tushe, domin akwai wani gawayi na musamman da likitoci ke amfani da shi a irin wannan hali, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya kamata a samu a asibiti. A farmasi ana kiran sa da sunansa na Faransanci, sharbon aktibe. Sai dai wannan gawayi ba irin na murhu ba ne, kuma ba kowace guba yake kamawa ba. Wasu gubobin da suka fi yawa a gidajenmu suna cikin waɗanda ba ya iya komai a kansu.

Yadda ake yin sa

Ana fara shi ne kamar kowane gawayi, daga itace ko ƙoƙon kwakwa. Daga nan sai a mai da shi cikin wuta mai tsananin zafi, kusan digiri 800 zuwa 900, a riƙa hura masa tururi. Tururin yana cinye cikin gawayin, ya bar miliyoyin ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Bangon waɗannan ramuka shi ne ke yin aikin. Da za a shimfiɗa bangon da ke cikin giram ɗaya, zai kai faɗin murabba'in mita 1,000 ko kusa da haka. Giram 50 da ake bai wa babban mutum ya zama kamar hekta 5 ke nan, gona guda cikin kofin ruwa.

Gawayin murhu bai bi ta wannan tururi ba. Yawancin ramukansa a toshe suke da kwalta da toka, saboda haka abin da zai iya kamawa kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya tsaya dakan sa yana ɓata lokacin da ya kamata a ce yana kan hanyar asibiti.

Yadda yake kama guba

Gawayin likita ba ya kashe guba, ba ya narkar da ita, kuma shi kansa ba ya shiga jini. Abin da yake yi kamar na ƙarangiya ne da rigar mai tafiya. Idan ƙwayar magani ta narke a tumbi, ƙananan ɓurɓushinta suna yawo cikin ruwa, su shiga ramukan gawayin su manne a bango. Duk abin da ya manne ba zai ratsa hanji ya shiga jini ba. Sai ya bi gawayin har ya fita cikin bayan gida, wanda zai yi baƙi ƙirin na kwana ɗaya ko biyu. Wannan baƙin ba abin tsoro ba ne.

Abubuwa biyu ne ke sa aikin ya yiwu. Na farko lokaci. Gawayi yana kama abin da ke cikin tumbi da hanji ne kawai. A gwaje-gwajen da aka yi da mutane masu lafiya, idan an sha shi cikin awa ɗaya yana rage abin da ke shiga jini da kusan kashi 40 cikin 100. Bayan awa biyu kuwa abin bai kai kashi 20 ba. Shi ya sa likitoci suka fi ba da shi cikin awar farko.

Na biyu yawa. Ramukan suna cika, don haka ana son gawayi ya ninka gubar kamar sau goma. Abin da aka saba bayarwa shi ne giram 50 ga babba, yaro kuma giram 1 a kowane kilo na nauyinsa, a dama da ruwa. Ƙwansunan gawayi da ake sayarwa don kumburin ciki ba za su yi wannan aiki ba: idan kowane ɗaya na da miligiram 250, sai an haɗiye 200 kafin a kai giram 50. Abinci da madara ma suna cike ramukan, su rage wa gubar wurin mannewa.

Bangon gawayi ya fi riƙe abubuwa masu ɗan girma waɗanda ba su cika son ruwa ba. Yawancin magungunan asibiti haka suke: farasitamol, asfirin, kuloroki, kinin, tiramadol, magungunan barci da na farfaɗiya.

Yara biyu, ƙwayoyi iri biyu

A ɗauka yara biyu ne ƴan shekara uku, kowane na da kilo 15. Ɗaya ya buɗe jakar uwarsa ya haɗiye farasitamol 8, masu miligiram 500 kowace. Ɗayan ya haɗiye jajayen ƙwayoyin ƙarin jini 20, irin waɗanda ake bai wa mata a wajen awon ciki. An kai su duka biyun gun likita cikin minti 40.

Na farko ya sha miligiram 4,000. Idan aka raba da nauyinsa, kowane kilo ya samu kusan miligiram 270, alhali daga 150 ake fara jin tsoron hanta. Yaron yana cikin hayyacinsa, yana iya haɗiya, awa ɗaya ba ta cika ba, kuma gawayi na kama farasitamol da kyau. Za a iya ba shi giram 15. Amma a lura: giram 15 na gawayi a kan giram 4 na magani bai kai ninki goma ba, kuma wani kason ya riga ya wuce cikin jini. Don haka ba za a sallame shi ba. Inda akwai hali ana auna jininsa awa huɗu bayan shan, sannan a sa masa makarin farasitamol mai suna asetilsistayin. Haɗarin wannan guba shi ne yaro na iya yin wasansa ranar farko kamar ba abin da ya faru, ciwon hanta kuma sai a kwana na biyu ko na uku yake fitowa.

Na biyu kuwa gawayi ba zai amfane shi ba. Ƙwayar ƙarin jini takan ƙunshi miligiram 60 na sinadarin ƙarfe. Guda 20 sun zama miligiram 1,200, wato 80 a kowane kilo, kuma daga 60 guba ce mai iya kisa. Ƙarfen da ya narke ƙarami ne sosai, yana ɗauke da cajin lantarki, ruwa kuma ya kewaye shi ya riƙe shi gam. Yana shiga ramukan gawayi ya fito bai manne ba. Wannan yaro zai fara amai da gudawa cikin awa shida, wani lokaci har da jini. Daga nan sai ya yi kamar ya samu sauƙi na wasu awoyi, kuma a nan ne iyaye ke ruɗuwa su koma gida. Bayan haka jiki na iya rikicewa, jini ya faɗi, hanta ta lalace. Abin da yake buƙata shi ne ƙarin ruwa, hoton ciki domin irin waɗannan ƙwayoyi sukan fito a hoto, wankin hanji da ruwa na musamman, da allurar deferoksamin mai kama ƙarfe a cikin jini.

Sauran waɗanda ba ya kamawa

Abin da ya faru da ƙarfe haka yake faruwa da danginsa: dalma, da litiyom da ake bai wa wasu masu taɓin hankali, da gishirin fotasiyom. Dukansu ƙanana ne masu caji.

Barasa ma haka. Tana son ruwa, tana saurin shiga jini, kuma yawan da ake sha ya fi ƙarfin ramukan. Wannan ya haɗa da metanol da ake samu cikin gurɓatacciyar giya, wanda ke makantarwa, da ruwan sanyaya injin mota. Gawayi ba ya raba mashayi da maye.

Sai masu ƙuna, irin su soda ta masu yin sabulu da ruwan batir. Waɗannan ɓarnarsu a take ce, suna ƙone baki da maƙoshi tun wajen wucewa. Gawayi ba ya kama su. Yana iya jawo amai, abin ya sake ƙona hanyar da ya bi, kuma baƙinsa yana rufe raunin da likita ke son dubawa da na'ura. Ruwan jabel ma ba a ba da gawayi a kansa.

Akwai kuma kananzir da isansi, waɗanda ake zubawa cikin kwalaben lemo har yara su ɗauka abin sha ne. Babban haɗarinsu a huhu yake. Ɗan kaɗan ya sarƙe yaro ya isa ya kawo mummunan ciwon huhu, amai kuma shi ke buɗe wannan ƙofa. Tari, nishi ko numfashi sama-sama bayan an sha alama ce ta cewa ya riga ya shiga.

Maganin ƙwari irin su fiya-fiya yana tsakiya. Gawayi na iya kama shi, amma yana saurin shiga jini, kuma galibi an gauraya shi da mai dangin kananzir. Wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Siri Lanka, aka buga a 2008, kan mutane sama da 4,000 da suka sha guba, da yawansu maganin ƙwari, bai nuna cewa gawayi ya rage mace-mace ba. Wanda ke dalalar da miyau, yana gumi, ƙwayar idonsa ta tsuke, allurar atirofin da taimakon numfashi yake nema cikin gaggawa.

Lokacin da shi kansa ke zama haɗari

Ko da gubar irin wadda gawayi ke kamawa ce, ba a ba da shi ga wanda ke gyangyaɗi, ko ya suma, ko yake jijjiga. Idan ya sarƙe shi ya shiga huhu, yana iya kashe shi. Wannan ya shafi tiramadol musamman, domin wanda ya sha da yawa yana iya faɗuwa da jijjiga ba zato. Ba a ba da shi kuma idan hanji ya toshe ko ya tsaya. Saboda waɗannan dalilai ne ma'aikacin lafiya ke yanke shawarar ba da shi, bayan ya ga halin da mutum ke ciki.

Abin da ke hannun mutanen gida shi ne su ɗauki kwalin maganin ko kwalbar, su ƙirga abin da ya rage, su riƙe lokacin da aka sha, su nufi asibiti mafi kusa ko da mutum bai nuna alamar komai ba. Kada a sa masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa madara, mai ko ruwan gishiri. Idan ya fara barci, a kwantar da shi a gefensa a kan hanya. Sunan abin da aka sha, yawansa da lokacin da aka sha, su ne amsoshi uku da za su gaya wa likita ko gawayi zai yi amfani ko kuwa wani makari ne daban ake buƙata.