Warware lissafin aljebra mai mataki biyu: yadda za ka kama hannun yaron da abin ya shige wa duhu

Wata ranar Asabar bayan La'asar na tarar da 'yar ƙanwata, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, zaune a kan tabarma ta tasa takardar aikin gida a gaba. Tambayoyi goma ne, ta goge ta farko har takardar ta kusa hujewa. Ga abin da aka rubuta: 3x + 4 = 19.

Ta ce, "Kawu, ni fa da na ga harafi a cikin lissafi sai kaina ya kulle."

Na ce, "To ajiye biron tukuna. Na ɓoye wata lamba a raina, na ninka ta sau uku, na ƙara huɗu, sai na samu sha tara. Wace lamba ce?"

Ta ɗan yi shiru tana motsa yatsu, sai ta ce biyar. Ta amsa tambayar da ta hana ta sakat, ba tare da ta san ita ba ce. A nan matsalar yara da yawa take: suna iya lissafin, karatun rubutun ne ya gagare su. Don haka aikin farko shi ne a koya wa yaro karanta layin kamar labari. Harafin x lamba ce da aka ɓoye. Idan aka rubuta 3x, ana nufin uku sau wannan lambar. Dole a faɗi wannan ƙarara, domin akwai yaron da in ka ce masa x biyar ce, zai karanta 3x a matsayin 35 maimakon 15.

Abu na biyu shi ne alamar daidai, wato =. Yara sun saba ɗaukarta a matsayin "ga amsa nan tafe". A aljebra kuwa tana aiki ne kamar sikeli mai faranti biyu: abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama. In ka cire wani abu daga faranti ɗaya, sai ka cire irinsa daga ɗayan, in ba haka ba sikelin ya karkata. Wannan dabara tsohuwa ce. Sunan aljebra kansa ya fito ne daga kalmar Larabci al-jabr, wadda ke cikin sunan littafin da Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, kuma daidaita ɓangarori biyu shi ne ginshiƙin aikinsa.

Yanzu ga matakan. Abu biyu aka yi wa lambar da aka ɓoye: an ninka ta sau uku, sannan an ƙara huɗu. Mu kuma za mu kwance su, amma daga na ƙarshe za mu fara. Wanda ya sa hula ya naɗa rawani a kai, rawanin zai fara warwarewa kafin ya kai ga hular. Huɗun nan ita ce rawanin.

Mataki na farko: ɗebe 4 daga hagu, ɗebe 4 daga dama. A hagu 3x kaɗai ta rage, a dama kuma 19 ban da 4 ya zama 15. Layi na biyu ke nan: 3x = 15.

Mataki na biyu: tunda ninkawa aka yi, rabawa ce za ta kwance ta. Raba kowane ɓangare gida uku. Hagu ya zama x, dama ya zama 5. Amsa: x = 5.

Sai abin da ya kamata ya zame wa yaro jiki, wato gwaji. Mayar da biyar ɗin gurbin x a tambayar asali: uku sau biyar sha biyar, a ƙara huɗu, sha tara. Ya yi daidai da abin da ke dama. Da wannan yaro zai san ya ci tun kafin malami ya duba takardar.

Da muka zo tambaya ta biyu, 2x − 7 = 9, sai ta ɗebe bakwai daga tara ta rubuta 2x = 2, ta samu x = 1. Ban ce mata ta yi kuskure ba. Na ce ta gwada. Biyu sau ɗaya biyu, a cire bakwai, ai ko kusa da tara ba a je ba. Na tambaye ta, "Me aka yi wa lambar a ƙarshe?" Ta ce an cire bakwai. "To me zai mayar da ita?" Ta ce ƙarawa. Ta ƙara bakwai hagu da dama, ta samu 2x = 16, ta raba gida biyu, x = 8. Gwaji ya tabbatar: sha shida ban da bakwai, tara.

Irin wannan kuskure yakan samo asali ne daga hadda. Ana gaya wa yara cewa lamba in ta tsallaka alamar daidai sai ta canza alama. Maganar tana kai wa ga amsa, amma yaron da bai san dalilinta ba yakan manta canjin, ko ya canza inda bai kamata ba, har ya mayar da 2x = 16 zuwa x = 16 − 2. Ga mai rauni, ya fi kyau ya riƙa rubuta +7 a ƙarƙashin kowane ɓangare da hannunsa, layi ɗaya mataki ɗaya, alamomin daidai suna jere a ƙasan juna. Gajeriyar hanya za ta zo da kanta daga baya.

Kuskure na biyu shi ne gaggawar rabawa. A 2x + 6 = 14, yaro zai raba 2x da 14 gida biyu ya tsallake shidan, ya rubuta x + 6 = 7, ya ce x = 1. Gwaji zai ba shi takwas, ba sha huɗu ba. Fara rabawa ba laifi ba ne, muddin an raba komai har da shidan, a samu x + 3 = 7. Sai dai fara cire shidan ya fi sauƙi: 2x = 8, x = 4.

A ƙasan takardar akan ajiye masu ɗan tauri. A x/4 + 3 = 8 an raba lambar gida huɗu ne, don haka bayan cire uku a samu x/4 = 5, sai a ninka sau huɗu: x = 20. A 10 − 2x = 4 kuwa, alamar ɗebewa manne take da 2x. In an cire goma daga kowane ɓangare za a samu −2x = −6, a raba da −2, x = 3. Yaron da ke tuntuɓe a nan, lambobin ƙasa da sifiri ne ba su zauna masa ba, kuma su ya kamata a koma wa kafin a ci gaba. A kuma sanar da shi cewa amsa ba dole ta zama cikakkiyar lamba ba: 2x + 1 = 6 tana ba da biyu da rabi, kuma daidai ne.

Kafin kiran sallar Magariba yarinyar nan ta gama tambayoyi shida, kowace da gwajinta a gefe. Iyaye da yayye, in yaro ya kawo muku irin wannan takarda, kada ku karɓi biron daga hannunsa. Ku tambaye shi abu uku: me aka yi wa lambar, me aka yi a ƙarshe, me zai kwance shi. Sannan kada ku bari ya wuce tambaya ta gaba sai ya mayar da amsarsa ya gwada.