Kafin a Dangwala Yatsa: Yadda Ake Gyara Takardar Amincewa da Shiga Binciken Lafiya

Takardar amincewa ita ce takardar da masu binciken lafiya ke karanta wa mutum kafin su sa shi, ko ɗansa, cikin gwajin sabon magani ko allurar rigakafi. A cikinta ake bayyana abin da za a yi masa, illar da ka iya samunsa, da kuma ikon da yake da shi na ƙin shiga ko na fita duk lokacin da ya ga dama. Ƙa'idar ta samo tushe daga Dokar Nuremberg ta 1947 da Sanarwar Helsinki ta 1964, waɗanda suka tabbatar da cewa ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa, yardar da ta biyo bayan fahimta. Matsalar ita ce yawancin waɗannan takardu da Turanci ake fara rubuta su, lauyoyi da likitoci ne ke tsara su, sannan a kawo su gaban uwar da ba ta wuce makarantar allo ba a ce ta dangwala.

Mutanen Kano sun ga abin da hakan ke haifarwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye da dama sun ce ba su san gwaji ake yi ba, shi kuwa kamfanin ya ce an yi musu bayani da baki kuma sun amince. Sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. A tsakanin wannan lokaci, a 2007, Nijeriya ta fitar da ƙa'idojinta na binciken lafiya, waɗanda suka ce kada takardar ta wuce shafi 8, kuma kada harshenta ya fi ƙarfin wanda ya yi shekara 9 a makaranta. Wannan gyara ne mai kyau, amma a ƙauyuka da yawa ba kowa ya yi shekara 9 ɗin ba, don haka dole mai bincike ya ƙara sauƙaƙawa.

Za a fi ganin yadda aikin yake idan aka ɗauki misali. A ƙaddara wata tawaga za ta gwada sabon maganin zazzaɓin cizon sauro a kan yara 'yan ƙasa da shekara 5, inda za a kwatanta shi da maganin da aka saba bayarwa, a bi kowane yaro na kwana 28. Alƙaluman da ke tafe duk na misali ne.

Gyara na farko yana layin farko. Fassarar da aka saba gani takan fara da cewa: "Ana gayyatarki ki shiga wani bincike." Uwar da ta kawo ɗanta da zazzaɓi za ta ɗauka binciken da likita kan yi ne don gano ciwo, domin haka ake kiransa a asibiti, kamar yadda ake ce wa awon jini gwaji. Daga nan duk abin da aka karanta mata za ta ji shi a matsayin jinyar ɗanta. Takardar da aka gyara takan fito fili: "Malama, akwai wani sabon magani da har yanzu ba a tabbatar ko ya fi wanda aka saba bayarwa ba. Muna neman izininki mu gwada shi a kan ɗanki. Idan kin ce a'a, za a ba shi maganin da ake ba kowa, yau ɗin nan." Haka kuma sai a faɗi yadda za a raba yaran gida biyu. A gaya mata cewa ƙuri'a za a jefa, ƙuri'ar ce za ta nuna wane magani yaron zai samu, likita bai da zaɓi a ciki. Idan ba a faɗi wannan ba, uwa za ta zaci likita ya duba ɗanta ne ya zaɓar masa abin da ya fi dacewa da shi.

Sai batun illa, wanda nan ne takardu suka fi yawan kasawa. Tsohuwar takarda za ta jera sunayen illoli goma sha biyar a sakin layi ɗaya, ta ce "kashi 10 cikin ɗari kan fuskanci matsalar ciki, ba kasafai ake samun mummunan martanin jiki ba." Mai sauraro bai san wanne ne babba wanne ne ƙarami ba, kuma "ba kasafai ba" na iya zama ɗaya cikin goma a wajen wani, ɗaya cikin dubu a wajen wani. Mai gyara yakan mayar da lissafin zuwa ƙidayar mutane, ya riƙe adadi ɗaya bai canza shi ba: "Cikin yara 100 da suka sha wannan magani, kamar 10 sun yi amai, kamar 2 sun fito da ƙuraje." Idan aka ce ɗaya cikin 10 a nan, ɗaya cikin 50 a can, mutane da yawa sukan ɗauka na biyun ya fi haɗari domin 50 ta fi 10. Ma'aikaci na iya zuba ƙwayar wake 100 a faifai ya ware 10 gefe, uwar ta gani da idonta waɗanda abin ya shafa da waɗanda bai shafa ba.

Ƙidaya kaɗai ba ta isa ba. Kowace illa sai a haɗa ta da alamar da uwa za ta gane a gida da matakin da za ta ɗauka. Amai sau ɗaya bayan shan magani, a dawo da yaron a sake dubawa. Kumburin fuska, wahalar numfashi ko jijjiga, a kawo shi nan take ko da tsakar dare ne, a kira lambar da ke jikin takardar, kuma a faɗa mata wanda zai biya kuɗin mota da na jinya. Dole kuma takardar ta faɗi gaskiyar da masu bincike ba su cika son faɗa ba, wato tunda maganin sabo ne, ana iya samun illar da ba a taɓa gani ba. Ɗibar jini ma tana buƙatar irin wannan bayani, domin tana daga cikin abubuwan da suka fi tayar wa iyaye hankali. Mililita 5 ba ta da ma'ana ga mai sauraro, amma cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya kowa ya san shi. A faɗi sau nawa za a ɗiba, me za a auna, ina za a kai jinin, da ko za a ajiye ragowarsa.

'Yancin fita shi ne ɓangaren da ya fi wuyar isa ga zuciya, ko da kalmomin suna da sauƙi. Kusan kowace takarda tana ɗauke da jimla irin wannan: "Shiga na son rai ne, kuma kina iya janyewa a kowane lokaci ba tare da hukunci ba." Uwa za ta ji, ta gyaɗa kai, amma ba za ta yi aiki da shi ba, saboda dalilan da jimlar ba ta taɓo ba. Akwai kunyar likitan da ya karɓi ɗanta da mutunci. Akwai tsoron kada gobe ta zo asibitin a juya mata baya. Ta ji cewa mai unguwa ya amince da aikin, maigida ma ya ce ta je, ga kuɗin motar da ta riga ta karɓa, waɗanda take gani kamar bashi ne a wuyanta. Sannan a saninta, idan mutum ya dangwala yatsa a takardar gona ko ta rance, magana ta ƙare, ba komawa baya.

Takarda mai kyau takan bi waɗannan fargaba ɗaya bayan ɗaya ta warware su da baki. "Ko kin dangwala yau, kina iya cewa kin fasa gobe ko bayan mako biyu. Ba sai kin faɗi dalili ba. Za a ci gaba da duba ki da 'ya'yanki a wannan asibiti kamar kullum. Ba za a nemi ki mayar da kuɗin motar da aka ba ki ba. Mai unguwa ya ba mu izinin zuwa garin nan ne kawai, shigar ɗanki kuwa sai da yardarku." Sai a nuna mata hanyar fitar: ta gaya wa kowane ma'aikacin tawagar, ko ta kira lambar waya, har da lambar kwamitin ɗa'a da ke sa ido a kan binciken idan tana jin nauyin likitan. Akwai iyaka guda biyu da gaskiya ta wajabta a faɗa. Idan ta fasa yaron bai gama shan magani ba, za a roƙe ta ta kawo shi a ba shi maganin da aka saba, domin barin zazzaɓi rabi da rabi haɗari ne. Sannan bayanan da aka riga aka tattara kafin ta fita, galibi ba a share su, sai dai ba za a ƙara ɗaukar wasu ba. Yana kuma taimakawa ƙwarai idan wanda ke neman amincewar ba shi ne likitan da ke jinyar yaron ba.

Ba a sanin ko gyaran ya yi sai an gwada takardar kanta. Ana ba wani mafassari daban, wanda bai ga ta asalin ba, ya mayar da Hausar zuwa Turanci don a ga ko wani haɗari ya zube a hanya. Daga nan a karanta ta ga wasu iyaye irin waɗanda za a nema, a ce su maimaita da bakinsu. Tambayar "kin gane?" ba ta da amfani, domin ladabi zai sa a amsa da "na gane." Abin da ake tambaya shi ne: "Idan kin koma gida, me za ki gaya wa maigida muna so mu yi?" da "Idan kin fasa ranar Laraba, me zai faru in kin kawo yaron ranar Alhamis?" Wadda ta ce "za a ba shi magani mai kyau kyauta" ba ta gane gwaji ne ba. Wadda ta ce "ai na riga na dangwala" ba ta gane tana da ikon fita ba. Idan mutane da yawa suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, laifin na takardar ne, sai a sake rubuta wurin.

Ranar ɗaukar mutane, ƙa'idojin gwajin magani na duniya sun tanadi cewa idan mutum ba ya iya karatu, sai an sami shaidar da ba ya cikin tawagar binciken, ya zauna tun daga farkon bayani har ƙarshe, sannan ya sa hannu kusa da dangwalen. Zai fi kyau mai shiga ne ya zaɓi shaidarsa. A ba shi kwafin takardar ya tafi da shi gida, a ba shi lokacin shawara idan ciwon bai tsananta ba, kuma inda mutane suka fi karanta ajami, a rubuta da ajami ko a naɗi bayanin a murya. A kowace ziyara a sake tambayarsa ko har yanzu yana son ci gaba. Duk gyaran da aka yi, har da fassarar da hotunan da aka ƙara, dole ya koma gaban kwamitin ɗa'a ya amince da shi kafin a karanta wa kowa.