Shafi Goma a Gaban Mai Kuɗi

Guy Kawasaki, ɗan Amurka da ya daɗe a harkar zuba jari, ya yi suna da ƙa'idar 10/20/30: shafi goma a allon majigi, bayanin minti ashirin, girman rubutu kada ya gaza 30. Ƙa'idar ta dace da ƙananan sana'o'i ƙwarai, domin jami'in banki ba shi da lokacin dogon turanci.

A ɗauki misalin wata mai matsar man gyaɗa a Kano da ke neman naira miliyan 3. Shafin farko sunan sana'arta ne, da lambar rajistar CAC, da adadin da take nema. Na biyu ya nuna giɓin da ke kasuwa: masu tuyar ƙosai da masu abinci suna zuwa da jarkoki, man ya ƙare. Na uku hoton injinta ne da man da take fitarwa. Na huɗu masu saye, shago nawa, kowanne jarka nawa a mako. Na biyar abokan gogayya, musamman man ja da na waken suya, da dalilin da ya sa ake zaɓar nata.

A shafi na shida ake yi ta ta ƙare, wato lissafin jarka ɗaya. A ce bayan an cire kuɗin gyaɗa daga Dawanau, da dizal, da ladan ma'aikata, an kuma haɗa da cinikin ƙuli-ƙuli, kowace jarka tana barin ribar naira 5,000. Jarka 20 a mako ta ba da kusan 400,000 a wata. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin lissafin shekara guda da farashin kaka, alhali gyaɗa kan yi tsada da damina. Gogaggen jami'i zai tambayi farashin watan Yuli, kuma zai gwada cinikin da aka faɗa da takardar shige da ficen kuɗi ta asusunta, wadda ita ce shafi na bakwai. Na takwas mutanen da ke riƙe da aikin.

Na tara ya fayyace inda kuɗin za su: miliyan 2 sabon inji, tare da takardar farashi daga dillali, miliyan 1 gyaɗar kaka. Bankin da ba ya ta'ammali da ruwa, irin Jaiz, zai iya sayen injin ya sayar mata da riba a tsarin murabaha.

Shafi na goma kuwa ya danganta da wanda ke saurare. Banki biya yake son gani: miliyan 3 a wata 24 ta kama 125,000 kowane wata kafin a ɗora ribarsa, sai a nuna cewa 400,000 ɗin da ake samu yanzu ta ɗauki nauyin hakan, a kuma ambaci jingina ko mai tsayawa. Mai zuba jari kaso yake nema. Idan ta ba shi kashi 20 cikin ɗari a kan miliyan 3, to ta yi wa sana'ar kuɗi miliyan 15 ke nan, kuma zai nemi ta kare wannan adadi da ribar shafi na shida.