Haihuwa, Mutuwa da Maraici a Cikin Kwamfuta: Rayuwar Aiki a Tsarin Linux

Ɗalibin ilmin halittu ya san cewa amiba ba ta haihuwa kamar sauran dabbobi. Rabuwa take yi gida biyu, kowane ɓangare ya ci gaba da rayuwarsa. Irin wannan hanya ce tsarin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a shekarar 1991, yake bi wajen samar da ayyuka. Ya gaje ta ne daga tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie da abokan aikinsu suka soma ginawa a shekarar 1969.

Da farko ya kamata a bambanta manhaja da aiki. Manhaja rubutaccen umarni ce da ke kwance a cikin fayil. Idan aka ɗora ta a ƙwaƙwalwar kwamfuta ta fara gudana, to ta zama aiki. Cibiyar Linux, watau ɓangaren da ke kula da ƙwaƙwalwa da rabon lokaci, tana riƙe da rajistar dukkan ayyuka. Kowane aiki yana da lambarsa da ake gani a allo da sunan `PID`, ana kuma rubuta lambar ubansa da sunan `PPID`.

Yadda Ake Haihuwar Aiki

A ce ɗalibi ya rubuta `ls` domin ya ga jerin fayilolinsa. Aikin da ke karɓar umarninsa, wanda galibi `bash` ne, zai roƙi cibiya da kiran `fork()`. Nan take sai aiki ɗaya ya zama biyu, uba da ɗa, masu umarni iri ɗaya, suna tsaye a kan layi ɗaya. Abin da ke sanar da kowa matsayinsa shi ne amsar da cibiya ta ba shi: ɗan yakan sami 0, uban kuwa yakan sami lambar ɗansa. Idan haihuwar ba ta yiwu ba, uban ya sami -1.

Cibiya ba ta kwafe ƙwaƙwalwar uban gaba ɗaya a wannan lokaci. Tana barin su biyun su yi tarayya a kanta, sai ɗayansu ya zo canza wani shafi sannan a kwafa masa wannan shafin kaɗai. Wannan ne ya sa haihuwar take da sauri.

To, amma ɗan nan har yanzu `bash` ne, alhali `ls` ake bukata. Saboda haka sai ya yi kira na biyu, watau `exec()`. Wannan kira ba ya haifar da sabon aiki. Yana share manhajar da ke cikin ɗan ne, ya ɗora `ls` a madadinta, amma lambarsa da ubansa suna nan yadda suke. Shi kuwa uban sai ya kira `wait()`, ya kwanta yana jiran ɗan ya gama.

Mutuwa Mai Mataki Biyu

Idan ɗan ya kammala, yakan kira `exit()` ya bar lambar sakamako, wadda ke tsakanin 0 da 255. Sifiri na nufin an yi nasara, sauran kuwa na nuna matsala. Cibiya sai ta karɓe ƙwaƙwalwarsa, ta rufe fayilolin da ya buɗe, ta aika wa uban sigina mai suna `SIGCHLD`. Abu ɗaya ne ba ta sharewa, watau gurbinsa a rajista, domin a nan ne lambar sakamakon take ajiye har uban ya zo ya karɓa da `wait()`.

Aikin da ya mutu amma ba a karɓi sakamakonsa ba, shi ne wanda umarnin `top` ke ƙidayawa da sunan `zombie`, a Hausance a iya cewa fatalwa. Yawancin ayyuka sukan ratsa wannan hali na ɗan lokacin da ido ba zai kama ba. Matsala tana tasowa ne idan uban yana raye amma ba ya kiran `wait()`.

Gwaji a Ɗakin Kwamfuta

Malami zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da layi biyu:

```
bash -c 'sleep 5 & exec sleep 60' &
ps -o pid,ppid,stat,cmd
```

Layin farko ya tada sabon `bash`, wanda ya haifi ɗa mai barcin sakan 5. Daga nan uban ya rikiɗe da `exec` ya zama `sleep 60`, manhajar da ba ta san komai game da jiran 'ya'ya ba. Idan aka sake buga layi na biyu bayan sakan 10, za a ga abu kamar haka, ko da yake lambobin za su bambanta:

```
 4210  4100 S    sleep 60
 4211  4210 Z    [sleep] <defunct>
```

Harafin `S` na nufin uban yana barci, `Z` kuma na nufin ɗan ya zama fatalwa. Ko da an buga `kill -9 4211` ba abin da zai faru, domin ba a kashe matacce. Amma da zarar sakan 60 sun cika uban ya mutu, sai fatalwar ta ɓace. Dalilin haka yana cikin sha'anin marayu.

Maraya da Mai Riƙonsa

Maraya shi ne aikin da ubansa ya riga shi mutuwa. Cibiya ba ta barin aiki ba mai riƙo, sai ta miƙa shi ga aiki mai lamba 1, wanda shi ne farkon da ake tadawa idan an kunna kwamfuta. A yawancin kwamfutocin Linux na yau sunansa `systemd`. Tun daga shekarar 2012 kuma, wani aiki na daga cikin kakannin marayan yana iya neman a riƙa ba shi riƙon jikokinsa, shi ya sa wani lokaci akan ga wata lamba ba 1 ba. Idan aka buga `bash -c 'sleep 60 &'`, uban zai fita nan take, a kuma ga `PPID` na ɗan ya canza.

Mai riƙon yana kiran `wait()` a kan duk wanda ya mutu a hannunsa. Abin da ya faru a gwajin sama ke nan: da uban ya mutu, an miƙa fatalwar ga mai riƙo, ya karɓi sakamakonta, aka share gurbinta. Ashe ke nan maraici ba illa ba ne. Maraya yana raye, yana aikinsa, kuma akwai mai binne shi.

Inda Haɗarin Yake

Fatalwa ɗaya ba ta cin lokacin kwamfuta, amma tana riƙe da lamba, lambobin kuwa suna da iyaka. Ana ganin iyakar a fayil ɗin `/proc/sys/kernel/pid_max`. A al'adance 32,768 ce, ko da yake kwamfutoci da yawa yanzu suna kai ta 4,194,304. A ɗauki manhajar da ke haifar ɗa ɗaya kowane sakan ba ta karɓar sakamakonsa. A ƙarƙashin tsohuwar iyakar, cikin awa tara da 'yan mintoci lambobi za su ƙare, idan ma wata iyakar ba ta riga ta tsayar da ita ba. Daga nan `fork()` zai riƙa gazawa da saƙon `Resource temporarily unavailable`, har `ls` ma ba zai tashi ba, alhali ƙwaƙwalwa tana da sauran wuri.

Saboda haka mai kula da kwamfuta da ya ga haruffan `Z` suna ƙaruwa, sai ya duba `PPID` ɗinsu. Idan duk lamba ɗaya suke nunawa, to ya gano mai laifin. Maganin gaggawa shi ne tsayar da wannan uba, domin mai riƙo ya kwashe 'ya'yan. Magani mai ɗorewa kuwa shi ne a gyara manhajar ta riƙa kiran `wait()` duk lokacin da `SIGCHLD` ya iso.