Hausa da Fillanci a gida ɗaya: suna hana yaro buɗe baki da wuri?

Ranar rigakafi a Moriki, wata uwa ta ce min surukarta ta hana ta yi wa ɗanta Fillanci, wai shi ya ɗaure masa baki.

Harshe biyu na jinkirta magana?
A'a. Ki haɗa kalmominsa duka ki ƙirga: "ruwa" da "ndiyam" biyu ne. A shekara 2 ana sa ran ya san kamar 50, yana haɗa biyu: "Inna, ndiyam."

In yana gauraya su fa?
Ba ruɗewa ba ce, mu manya ma muna yi.

Yaushe zan damu?
In ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ko kunnensa na zubar da mugunya, a kai shi asibiti a auna jinsa. Kada ki raba shi da harshenki.