Kashi Kaza Cikin Ɗari: Na Su Wa, Kuma Mutum Nawa?

Idan rediyo ta ce wani bincike ya gano kashi kaza cikin ɗari na mutane suna da ra'ayi kaza, mai sauraro yakan karɓi adadin yadda ya zo. Amma kafin adadin ya iso kunnensa, amsoshin jama'a sun bi ta hannaye da dama, kuma a kowane hannu ana iya gyara su ko a ɓata.

Mu ɗauki misali, wanda na ƙirƙiro alƙalumansa don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce an tambayi mutum 400 a wani gari: "Daga ina ka fi samun labarai?" Mutane ba sa amsawa da baki ɗaya. Wani ya ce rediyo, wani ya ce "shirin safe nake ji", wata ta ce "abin da maigida ya faɗa mini", wani kuma ya ɗaga wayarsa kawai. Aikin farko shi ne a tattara waɗannan amsoshi a rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni lamba: rediyo 1, kafofin sada zumunta 2, talabijin 3, bakin mutane 4. Ana rubuta wannan a wani littafi na musamman da kowane ma'aikaci zai riƙa dubawa. Akwai kuma lambobin da ake keɓewa, kamar 96 ga amsar da ba ta shiga kowane rukuni ba, da 98 ga wanda ya ce bai sani ba.

Tun daga nan ake fara tuntuɓe. Saurayin da ya ce yana sauraron rediyo ne ta cikin wayarsa, 1 za a ba shi ko 2? Ko wanne aka zaɓa babu laifi, muddin an tsai da doka ɗaya tun farko kowa ya bi ta. Idan ma'aikaci ɗaya ya sa 1, ɗan'uwansa ya sa 2, to jadawalin zai nuna bambancin ma'aikata ne a matsayin bambancin jama'a. Shi ya sa masu kula da aiki kan ba mutum biyu takardu iri ɗaya, kowa ya sa lambobinsa shi kaɗai, sannan a gwada. Idan kuma aka ga lamba 96 ta kumbura, alama ce rukunan ba su dace da yadda mutane suke magana ba, sai a koma a sake karanta amsoshin.

An gama sa lambobi, an ƙirga, mutum 195 cikin 400 sun ce rediyo. A raba 195 da 400, a ninka sau 100, a samu kusan kashi 49. Wannan shi ne adadin da ke zama kanun labari, kuma shi ne mafi ƙarancin bayani, domin ya cuɗa dattijo da saurayi, mace da namiji, wuri guda.

Sai a raba ta jinsi. Maza 220 ne, 116 suka ce rediyo, kashi 53 ke nan. Mata 180 ne, 79 suka ce rediyo, kashi 44. Mai gaggawa zai rubuta cewa maza sun fi mata dogaro da rediyo, ya wuce.

Kada a wuce tukuna. A sake raba kowane jinsi gida biyu, 'yan shekara 18 zuwa 34, da 'yan 35 zuwa sama, jadawalin ya zama gurbi huɗu. Samari 100 ne, 32 suka ce rediyo, kashi 32. Mata matasa 140 ne, 49 suka ce rediyo, kashi 35. Manyan maza 120 ne, 84 suka ce rediyo, kashi 70. Manyan mata 40 ne, 30 suka ce rediyo, kashi 75. A cikin matasa mata ne a gaba, a cikin manya ma mata ne a gaba, alhali a dunƙule maza ne suka fi. Babu kuskure a lissafin. Abin da ya faru shi ne yawancin matan da aka tambaya matasa ne, mazan kuwa fiye da rabinsu manya ne, kuma manya su suka fi riƙe rediyo. Ashe bambancin da aka ɗora wa jinsi na shekaru ne. Wanda ya tsaya a rabon farko zai tsara shirin wayar da kai a kan fahimtar da ta juya wa gaskiya baya.

A ganina, duk da haka, ba a isa a yi shelar cewa mata sun fi maza ba. Dubi gurbin manyan mata: su 40 ne kacal, kowace mace guda tana ɗauke da kashi biyu da rabi. Da biyu daga cikinsu sun ba da wata amsa, da 75 ya sauko 70, ya yi kunnen doki da na maza. Ratar da za a iya tsayawa a kanta ita ce ta shekaru: kashi 34 na matasa, kashi 71 na manya.

Manyan bincike suna da ƙa'ida a kan wannan. Binciken yawan jama'a da lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a Nijeriya a 2018 ya ji daga mata 41,821 'yan shekara 15 zuwa 49, da maza 13,311 'yan 15 zuwa 59. Duk da wannan yawa, a jadawalin rahotonsa idan adadi ya fito daga mutum 25 zuwa 49 ana sa shi cikin baka biyu don gargaɗi, idan kuma ba su kai 25 ba ba a buga shi, sai a sa alamar tauraro. Da wannan ma'auni, kashi 75 na manyan matan misalinmu cikin baka zai zauna.

Akwai wani ruɗani da ke yawan shigowa wajen fassara labari. "Kashi 34 na matasa sun ce rediyo" daban yake da "kashi 34 na masu rediyo matasa ne". A misalinmu matasa 81 suka ce rediyo. Idan aka auna su da dukkan matasa 240, kashi 34 ne, idan kuma aka auna su da masu rediyo 195, kashi 42 ne. Hanyar ganewa ita ce a duba inda alƙaluma suka haɗu suka cika 100, a kwance ne ko a tsaye. Idan kuwa an ba mutum damar zaɓar amsa fiye da ɗaya, jimillar za ta zarce 100, kuma wannan ba laifi ba ne idan an faɗa.

Shekarun su ma ba tsaf suke zuwa ba. Inda takardar haihuwa ba ta yawaita ba, mutane kan ce "talatin" ko "arba'in", sai amsoshi su taru a shekarun da suka ƙare da 0 ko 5. Wanda shekarunsa 33 ne ya ce 35, ya tsallaka zuwa rukunin manya ba da saninsa ba. Ƙwararren mai tambaya yakan bi da abin da mutum ya tuna, misali ko an haife shi kafin kisan Janar Murtala a 1976 ko bayansa. Dole kuma iyakokin rukuni kada su hau juna: idan aka rubuta 25 zuwa 35, sannan 35 zuwa 45, ɗan 35 ya samu gida biyu.

Ga 'yan jarida da ɗaliban da ke rubuta kundin kammala karatu, roƙona shi ne ku riƙa rubuta yawan mutanen kowane gurbi kusa da kashinsa. Kai kuma mai karatu, idan aka kawo maka adadi ba tare da an faɗi mutum nawa aka tambaya ba, ba a kuma raba shi ta shekaru da jinsi ba, ka nemi a ba ka wannan bayani kafin ka kafa hujja da shi.